Yadda ake gyara muryar kalangu da ikwalaiza: gurbi, ƙarfi da faɗi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kalangu a ƙaramin situdiyo a Garwa ko Marwa ya san wannan matsalar. A gaban makaɗi, gangar tana magana sarai, kana jin hawa da saukar murya kamar mutum ne ke kirari. Da an kunna abin da aka ɗauka, sai ka ji wata murya guda a tsakiya ta kumbura tana "buuu" ta danne sauran, jikin gangar ya koma kamar ana kaɗa kwali, bugun sandar kuma ya ɓace a bayan fiyano da muryar mawaƙi. Abubuwa uku ne daban, kowanne yana zaune a wurinsa, kuma ba magani ɗaya suke sha ba. Ikwalaiza faramatirik, na'urar ƙara ko rage wani yanki na sauti wadda injiniyan sauti ɗan Amurka George Massenburg ya gabatar da bayaninta a 1972, an yi ta ne don irin wannan aikin. Tana ba ka maɓalli uku a kowane zango, wato kowane yankin sauti da za ka gyara: `Freq`, `Gain` da `Q`. A kwamfutar da aka saita da Faransanci za ka ga `Fréquence` a madadin na farko, sauran biyun ba sa canzawa.

Na zaɓi kalangu ne da gangan. Muryarsa ba ta tsayawa wuri guda. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Saboda haka duk kuskuren da ka yi wajen faɗin yanka, kalangu zai tona maka asiri nan take, fiye da yadda ganga mai murya ɗaya za ta yi.

Abin da maɓallan uku ke yi

`Freq` shi ne gurbin da kake son taɓawa, ana auna shi da Hz, wato sau nawa iska ke karkaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, saman yana raguwa da shekaru da kuma yawan tsayuwa gaban sifika a wurin biki. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kunne ba ya ƙirga Hz ɗaya-ɗaya, ninki yake ji. Tazarar 100 zuwa 200 daidai take a kunne da tazarar 2,000 zuwa 4,000. Kowane ninki biyu shi ake kira oktaf. Shi ya sa a ƙasa-ƙasa kuskuren 15 Hz babban kuskure ne, a sama kuwa ko 100 Hz ba za ka lura ba.

`Gain` shi ne yawan abin da za ka ƙara ko ka rage a wannan gurbin, da dB. Ƙarin 6 dB yana ninka girman siginar sau biyu, ragin 6 dB yana raba shi biyu. Kunne kuwa sai an kai wajen 10 dB yake cewa ƙara ta ninka. Lambar da ka rubuta a tsakiyar gurbin kaɗai take cika. Daga nan tana raguwa hagu da dama har ta koma sifili. A allo za ka ga tudu in ka ƙara, kwari in ka rage.

`Q` shi ne faɗin wannan tudun ko kwarin, kuma shi ne wanda ke rikita mutane don yana tafiya a juye: lamba babba, siriri, lamba ƙarama, mai faɗi. Lissafinsa ɗaya ne:

```
Q = Freq / BW
```

`BW` faɗin zangon ne da Hz. In ka tsaya a 400 Hz da `Q` 1.4, faɗin ya kai wajen 283 Hz, daga 283 zuwa 566, oktaf guda cif. In ka kai `Q` 4.3, ya tsuke zuwa wajen 356 zuwa 449, sulusin oktaf. In ka sauke shi 0.7, ya buɗe daga wajen 206 zuwa 777, kusan oktaf biyu. Waɗannan ukun in ka haddace su sun ishe ka yawancin aiki. Siririn `Q` kamar tsintar tsakuwa ne a cikin shinkafa da yatsu biyu, mai faɗi kuwa kamfata ce da tafin hannu: tsakuwar za ta fita, amma da shinkafa mai yawa.

Ba duk manhajoji ke rubuta `Q` ba. `ReaEQ` na `Reaper` yana ba ka `Bandwidth` da oktaf, inda ƙaramar lamba ita ce siririya, akasin `Q`. `Fruity Parametric EQ 2` na `FL Studio` yana da maɓallin `BW`. Kuma ko waɗanda suka rubuta `Q`, ba duka suke auna gefen tudun a wuri ɗaya ba, wasu ma suna tsuke shi da kansu in ka ƙara `Gain`. Don haka `Q` 2 a wannan manhajar ba lallai ya zama `Q` 2 na waccan ba. Ka dubi hoton da ke allo, ka kuma saurara.

Mataki na farko: ka ji laifin kafin ka taɓa komai

Misalin da za mu bi shi ne kalangu matsakaici da aka ɗauka a wani ɗakin bulo a unguwar Yelwa ta Garwa, mita uku tsawo, mita uku faɗi, daɓen siminti, an manna soso a bango. Makirufo guda, irin na mawaƙa, nesa da fata da kamar taƙi ɗaya. Muryar wannan gangar mafi ƙasa tana wajen 130 Hz, mafi sama wajen 240 Hz. Taka gangar ba za ta zama haka daidai ba, domin girman kango da kaurin fata sun bambanta, kuma ganga ɗaya ma tana ɗaurewa da hunturu ta saki da damina. Lambobin misali ne, hanyar ita ce za ka ɗauka.

Zaɓi wurin da makaɗi ya bi duk muryoyinsa, ƙasa da tsakiya da sama, na kamar daƙiƙa goma, ka sa shi yana maimaituwa. Ka fara saurare tare da sauran kayan kiɗa da muryar mawaƙi, ba shi kaɗai ba. Sannan ka faɗi laifin da bakinka, a fili: muryar tsakiya tana kumbura, jiki kamar kwali, bugu ba ya fitowa. Wannan ba wasa ba ne. In ba ka san abin da kake nema ba, da ka fara zagaye da `Freq` kowane gurbi zai yi maka kama da laifi, ka ƙare da kwaruruka takwas da ganga marar rai.

Mataki na biyu: share ƙasa

Tunda muryar gangar mafi ƙasa 130 Hz ce, duk abin da ke ƙasa da 80 Hz ba nata ba ne: takun ƙafa, girgizar sandar makirufo, gurnanin janareta a tsakar gida, wucewar babbar mota. Kunna `HPF` ko `Low Cut`, wato tacen da ke yanke sautin ƙasa, a 80 Hz. Ka tura shi sama a hankali har ka ji muryar ƙasa ta fara ramewa, sannan ka ja da baya kaɗan. Kada ka kai shi 120 don wani ya ce haka ake yi wa ganguna; gangaren yankan yana fara cin sauti tun kafin lambar da ka rubuta.

Wutar lantarki a Kamaru da Cadi 50 Hz ce, saboda haka in akwai gunjin wuta za ka same shi a 50, da 'ya'yansa a 100, 150, 200. Na 50 `HPF` zai rage shi sosai. Na 150 da 200 kuwa suna zaune a tsakiyar muryar kalangu, kuma maganinsu na gaskiya shi ne canza waya ko gyara haɗin wutar kafin a ɗauka.

Mataki na uku: muryar da ke kumbura

Nan ne aikin yake, don haka bari mu zauna a kansa.

Da farko, daga ina kumburin ya fito? Ɗaki mai bango biyu suna fuskantar juna yana da muryoyinsa na kansa. Sauti yana kai da komo tsakanin bangon, kuma a wasu gurabe komowar tana haɗuwa da tafiyar su ƙarfafa juna. Ana samun na farko da raba gudun sauti da tsawon ɗakin sau biyu. A zafin Garwa, in ɗaki ya kai digiri 35, sauti yana gudun wajen mita 352 a daƙiƙa. Raba 352 da 6, ka sami wajen 59 Hz. Sai ninkinsa: 117, 176, 235. Tunda tsawo da faɗin ɗakin ɗaya ne, kowace daga cikin waɗannan ta zo sau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ga kuma 176 a tsakiyar hanyar kalangunmu. Duk lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya muryar ta ratsa ta nan, ɗakin yana amsawa. Soson da ke bango ba ya hana wannan. Siririn soso sautin sama yake sha, na ƙasa wucewa yake abinsa.

Akwai hanya mai sauƙi ta tabbatarwa in makaɗin yana nan. Ka ce masa, "Baba, don Allah mu ɗan fita tsakar gida ku sake mini wannan wurin." In a waje muryoyin sun daidaita, laifin ɗaki ne, ba na ganga ba. Dattijon da ya shekara talatin yana kiɗa ba ya ma bukatar gwajin, yana jin abin a sifika zai ce maka, "Yaro, wannan ba muryar gangata ba ce." In kuma ba ya nan, buɗe hoton sauti da yawancin ikwalaizoji ke nunawa a bayan layinsu. Za ka ga wani ƙololuwa yana yawo hagu da dama tare da kiɗan: wannan gangar ce. Za ka ga wani wuri guda da ƙololuwar ke yin tsalle duk sanda ta iso, kuma yana jinkirin sauka bayan bugu ya wuce: wannan ɗakin ne. Abin da ke motsi ba a yanka shi, abin da ya kafe wuri ɗaya shi ake nema.

Yanzu nemo shi da kunne. Rage ƙarar sifika tukuna. Ɗauki zango ɗaya, sa `Q` a 6 ko 8, `Gain` a +8 dB, ka ja `Freq` a hankali daga 120 zuwa 260. A hankali ƙwarai, domin a nan faɗin tudun bai wuce Hz ashirin da 'yan kai ba, kuma sai makaɗi ya bugi muryar da ke ƙarƙashinsa za ka ji tasirinsa. A kowane gurbi wata murya za ta ɗan fito, wannan ba abin mamaki ba ne, kai ka ƙara mata. Wanda kake nema shi ne inda "buuu" ɗin da ka riga ka sani ya yi tsalle ya cika ɗaki, har ya ci gaba da amo bayan bugu. A misalinmu ya faɗo a 176. Da ka kusa, daina ja da linzami, rubuta lambar da hannu: 170, 176, 182, ka ji wacce ta fi muni.

Sai ka mayar da `Gain` sifili, ka yi shiru na ɗan lokaci. Kunnen da ya daɗe yana jin +8 dB zai ɗauka komai ya rame, ya sa ka yanke hukunci ba daidai ba. Bayan haka ka fara ragewa: −3, saurara, −4, −5. Ka tsaya a inda muryar tsakiya ta yi daidai da 'yan'uwanta na sama da ƙasa. Ba so ake ta ɓace ba, murya ce daga cikin maganar gangar. A nan −5 dB ya isa.

Yanzu `Q`, kuma ka ga dalilin da ya sa na ce kalangu ba ya rufa asiri. A 176 Hz, `Q` 8 yana ba da faɗin 22 Hz, daga wajen 165 zuwa 187. Muryar ƙasa ta 130 da ta sama ta 240 suna wajen wannan shingen, kusan ba a taɓa su ba. Gwada sauke `Q` zuwa 1.4 ba tare da canza komai ba. Faɗin ya koma daga 124 zuwa 249, wato gangar gaba ɗaya ta faɗa kwarin. Kumburin zai ragu, gaskiya ne, amma tare da shi duk kaurin gangar ya tafi, kuma bambancin da ke tsakanin muryar tsakiya da sauran yana nan kusan yadda yake, tunda duka ka rage su. Za ka ji kana son ƙara ƙarar tashar, da ka ƙara kuma "buuu" ya dawo. In ka ga kana wannan zagayen, `Q` ɗinka ya yi faɗi.

Gwada ɗaya ɓangaren kuma: `Q` 25. Faɗin ya koma 7 Hz. Yanzu tsakiyar kumburin ta tafi amma gefensa biyu suna nan, sai ka ji muryar da ke hawa tana kumbura, ta nutse, ta sake kumbura, kamar tana tuntuɓe. Alamar ya yi tsukuku ke nan. Ban da haka, tace mai siriri ƙwarai da zurfi tana barin ɗan amo nata a bayan bugu mai kaifi, kuma a kan ganga ana jin sa. Hanyar da ta fi ita ce ka fara da siriri, ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har tuntuɓen ya daina, ka tsaya kafin muryoyin maƙwabta su fara ramewa. A ƙananan ɗakuna irin namu yawanci wurin yana faɗowa tsakanin 5 da 10.

Ka sani cewa wannan ragi ne kawai, ba warkarwa ba. Ƙarfin amon ɗaki yana canzawa daga wuri zuwa wuri, don haka matsar da makaɗi da makirufo rabin mita, musamman nesa da kusurwa da jikin bango, yakan yi abin da −5 dB ba zai yi ba. In akwai damar sake ɗauka, ita ta fi. Kuma in ka duba 235 za ka iya samun ɗan kumburi a can ma, kusa da muryar sama. In bai dame ka ba tun farko, ƙyale shi.

Mataki na huɗu: jikin kwali

Wannan laifin daban yake. Ba murya guda ba ce, launi ne da ya shafi kowane bugu, kuma yana fitowa daga kusancin bango da daɓe da kuma yadda makirufo ke jin kango. Yawanci yana tsakanin 300 da 600 Hz. Tunda abin shimfiɗe yake, siririn `Q` ba zai kama shi ba. Nemo shi da `Q` 2 da +6 dB, ka ja daga 250 zuwa 800 har ka ji kwalin ya fito fili kamar ana magana a cikin bokiti. A namu yana wajen 450. Mayar da shi −2.5 dB, `Q` 1.4, wanda ya rufe daga wajen 320 zuwa 640.

Ka lura da yadda ƙa'idar ta juya: a mataki na uku yanka mai zurfi ne amma siriri, nan kuwa marar zurfi ne mai faɗi. Ragin 2.5 dB a kan oktaf guda yana cire sauti mai yawa, sau da yawa fiye da 5 dB a kan 22 Hz. `Gain` da `Q` tare ake karanta su. Lambar dB ita kaɗai ba ta gaya maka yawan abin da ka ɗebe.

Kada ka zarce a nan. A wannan zangon ne muryoyin sama na fatar suke, kuma su ne ke ɗauke da hawa da saukar kalangu a ƙaramar sifika. Yawancin masu sauraronka a waya za su ji waƙar, ko a 'yar rediyon mai shayi, kuma sifikar waya kusan ba ta fitar da komai a 130 Hz. Abin da ke sa mai waya ya gane kirarin da gangar ke yi yana daga 300 zuwa sama. In ka rage 6 dB a nan, a situdiyo za ka ji tsabta, a waya kuwa sai "tak, tak" ba magana. Ni a ganina in ragin nan ya wuce 4 dB, to matsalar ta wurin ajiye makirufo ce.

Mataki na biyar: fito da bugu

Saukar lanƙwasasshen sandan nan a kan fata gajeren sauti ne mai kaifi, kuma yawancinsa yana tsakanin 2,000 da 5,000 Hz. Kafin ka ƙara komai, sake saurare: sau da yawa bayan an cire kumburi da kwali bugun yakan fito da kansa. In har yanzu yana ɓoye, ƙara +2 dB a 3,500 Hz da `Q` 0.7. Mai faɗi, domin kunne yana saurin gane siririn tudu, yana jin sa kamar fito ko ƙarar ƙarfe, alhali siririn kwari yakan wuce ba a lura ba. Shi ya sa masu aikin ke yanka siriri su ƙara da faɗi.

Wannan zangon kuma shi ne inda kunnen ɗan Adam ya fi ji, kuma nan baƙaƙen mawaƙi suke, irin su "k" da "t" da "ts". Don haka wannan matakin ba a yin sa kana sauraron kalangu shi kaɗai da `Solo`. Saki komai, ka sa ido kan kalmomin waƙar. In sun fara dusashewa duk lokacin da kalangu ya shigo, ko ka rage ƙarin zuwa +1, ko ka matsar da `Freq` sama zuwa wajen 5,000 inda za ka sami kaifin ba tare da an yi karo da murya sosai ba. In akwai algaita a waƙar, ita ma nan take da ƙarfi, kuma ba kalangu ne zai ci wannan gasar ba. Gara a rage mata kaɗan a tasharta.

Ga abin da muka ƙare da shi. Wanda ke son gwadawa a kan fayil kai tsaye zai iya da manhajar `ffmpeg`, inda `f` ne gurbi, `w` ne `Q`, `g` kuma dB:

```
ffmpeg -i kalangu.wav -af "highpass=f=80,equalizer=f=176:t=q:w=8:g=-5,equalizer=f=450:t=q:w=1.4:g=-2.5,equalizer=f=3500:t=q:w=0.7:g=2" gyararre.wav
```

Mataki na shida: gwaji na gaskiya

Duk abin da ya fi ƙara, kunne cewa yake ya fi daɗi. Mun rage wurare biyu masu nauyi, don haka gyararren zai fi na asali sanyi, kuma in ka danna `Bypass`, mai kashe ikwalaizar, haka nan za ka ji kamar na asalin ya fi. Daidaita su tukuna da maɓallin `Output` na ikwalaizar, wataƙila +1 ko +2 dB, har in ka kunna ka kashe ƙarar ba ta canzawa, launi kawai ke canzawa. Sa'annan ka yi hukunci. Ka duba mitar tashar kuma, kada bugu mafi ƙarfi ya taɓa 0 dB; ganga tana da ƙololuwa masu saurin da ido ba ya kamawa, kuma ƙarin da muka yi a 3,500 daidai kansu ya sauka.

Bayan haka kashe zangunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka kashe ba ka ji bambanci ba, bar shi a kashe. Sai ka tura waƙar a waya ka fita waje ka ji.

In da makirufo biyu ka ɗauki gangar, ko kuma kalangun ya shiga makirufon mawaƙi don a ɗaki ɗaya aka yi, akwai ƙarin abin lura. Ikwalaiza ta yau da kullum ba ƙarfi kaɗai take canzawa ba, tana ɗan jirkita lokacin igiyar sautin a kewayen gurbin da ka taɓa, kuma yanka mai zurfi ya fi jirkitawa. A tasha ɗaya ba ka jin wannan. In tashoshi biyu suna ɗauke da ganga ɗaya ka yanka a guda kawai, haɗuwarsu tana iya ba ka abin da ba ka zata ba, wani wuri ya rame, wani ya ƙaru. Mafita ita ce ka haɗa makirufon gangar biyu a rukuni guda ka sa ikwalaizar a kan rukunin. In kuma kumburin 176 ya ƙi tafiya duk da ka yanka, duba tashar mawaƙi, mai yiwuwa ta can yake shigowa.

In a wurin biki kake, ba a kwamfuta ba

Miksar dijital irin `X32` tana da zanguna huɗu cikakku a kowace tasha, duk abin da muka yi zai yiwu a kanta. Amma yawancin miksocin da ake haya a bukukuwanmu na hannu ne, masu `HI`, `MID`, `LOW`, wasu da ƙarin maɓallin da ke zaɓar gurbin `MID`. A waɗannan ba ka da `Q`, kamfani ya riga ya kafe shi, kuma mai faɗi ne. Kada ka yi ƙoƙarin cire murya guda da shi, sakamakon shi ne abin da muka gani da `Q` 1.4 a kan 176. Yi amfani da zangon nan ɗaya a kan kwalin: murɗa `MID` sama kaɗan, da hankali don kada sifika ta yi kuka, zagaya har ka same shi tsakanin 300 da 600, sannan ka murɗa ƙasa. Danna maɓallin `Low Cut` in akwai; a yawancinsu yana 75, 80 ko 100 Hz. A fili ƙarƙashin rumfa dama babu bango huɗu da za su kumbura maka murya. Abin da zai fi damun ka shi ne makirufon da aka cusa dab da fata, domin irin na mawaƙa yana ƙara kaurin ƙasa in aka matso da shi sosai, ga shi kuma makaɗin kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin wanda yake wa kirari. In ya matso kauri ya ƙaru, in ya ja baya ya ragu, kuma babu saitin `LOW` da zai dace da duka biyun. Ja makirufon baya zuwa kamar taƙi ɗaya da rabi, ka saita a wannan tazarar, ka roƙi mai riƙe da shi ya riƙa bin gangar a haka.